Batirin Zuciya: Wa Ke Buƙatarsa, Yaya Yake Aiki, Yaya Ake Rayuwa da Shi?

Ciwon zuciya ba iri ɗaya ba ne. Wani jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa ne suka toshe, wani naman zuciyar ne ya raunana, wani kuma ƙofofin cikinta ne suka lalace. Akwai kuma wanda duk waɗannan lafiyarsu lau, lantarkin da ke ba zuciyar umarnin bugawa ne ya sami tangarɗa. Domin wannan rukuni na ƙarshe aka ƙera na'urori biyu da ake dasawa a ƙirji, waɗanda jama'a ke haɗawa su kira batirin zuciya. Ta farko ita ce fesmeka, mai tallafa wa zuciyar da ke nawa. Ta biyu ita ce difibrileta, wadda likitoci ke rubutawa ICD, mai tsayar da zuciyar da ta rikice da gudu. Kamanninsu ɗaya, wurin dasa su ɗaya, amma cutar da kowace ke magani kishiyar ta ɗayar ce. Kuma dukansu biyu amfaninsu ya rataya ne a kan abu biyu da suka fi tiyatar kanta wuya a wurarenmu: gane mai buƙata tun da sauran lokaci, da ci gaba da duba na'urar har iyakar rayuwa.

Inda umarnin bugawa ke fitowa

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini su miƙa wa na ƙasa, na ƙasa kuma su ne masu ƙarfin harba shi zuwa huhu da sauran jiki. A saman ɗakin dama na sama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke sakin lantarki da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana zaune. Lantarkin yana bazuwa a ɗakunan sama su matse, sannan ya isa wata mahaɗa da ke tsakiyar zuciya, ya ɗan dakata a can na ƙasa da rubu'in daƙiƙa, ya gangara ta wasu zaruruwa zuwa ɗakunan ƙasa su ma su matse. Bugun da kake ji a wuyan hannunka shi ne matsewar ɗakunan ƙasa.

Wanda ya taɓa ganin noman gayya zai gane tsarin da sauri. Makaɗi yana gefe yana ba da kiɗa, manoma suna ɗaga garma suna saukewa a tare. Idan makaɗin ya gaji ya rage hannu, aiki ya yi sanyi. Idan kuwa yana kiɗansa daidai amma sautin ba ya kaiwa ga manoma, sai su koma bin nasu taku mai nawa, wani lokaci ma su tsaya cak. Waɗannan su ne manyan dalilai biyu na dasa fesmeka: mai ba da umarnin ya raunana, ko kuma hanyar isar da umarnin ta katse. Na biyun ya fi haɗari, kuma galibi shekaru ne ke kawo shi, domin zaruruwan nan suna tsufa suna ƙeƙashewa kamar sauran sassan jiki.

Dattijon da ke faɗuwa ba gargaɗi

Mu ɗauki misalin dattijo mai shekara 68, ɗan kasuwa, wanda ya faɗi sau uku cikin wata biyu. Na ƙarshe a zaune yake a bakin rumfa, yana cikin magana kawai sai ya kife. Fuskarsa ta yi fari fat, hannunsa ya ɗan karkaɗa sau biyu ko uku, kafin a kawo ruwa ya buɗe ido, ya gane kowa, yana tambayar me ya faru. A gida ra'ayi ya rabu: wani ya ce farfaɗiya ce, wata ta ce iska ce, babban ɗansa ya ce hawan jini ne tunda an auna an ga 170 bisa 70. Abin da ba wanda ya yi shi ne ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa a ƙirga bugun na minti ɗaya cif. Da an yi haka da an sami 34.

Yadda faɗuwar ta zo ma tana ba da labari. Suman da zafi ko doguwar tsayuwa ke kawowa yana zuwa da gargaɗi: jiri, gumi, gani na dushewa, har mutum yakan sami damar neman wurin zama. Mai farfaɗiya yakan daɗe yana jijjiga, yakan ciji gefen harshe, kuma bayan ya farfaɗo yakan yi mintuna masu yawa a ruɗe. Shi kuwa suman tsayawar zuciya ba ya sallama, yana iya samun mutum a zaune ko a kwance, kuma mai shi yana dawowa hayyacinsa da sauri. Dalili shi ne ɗakunan ƙasa sun tsaya na 'yan daƙiƙu, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, sannan suka sake kamawa. Ranar da ba su kama ba, ita ce ranar da za a ce ya rasu ba ciwon komai.

A asibiti gwajin farko shi ne ECG, wanda ba ya ɗaukar minti goma. A takardar dattijon za a ga ɗakunan sama suna bugawa 80, na ƙasa suna 34, kuma babu alaƙa tsakaninsu. Wannan shi ne cikakken katsewar hanya. Idan matsalar mai zuwa ce ta tafi, ECG na ɗan lokaci yana iya fitowa lafiya, sai a ɗaura wa mutum ƙaramar na'urar da ke naɗar bugun na awa 24 ko fiye.

Likitan kirki ba ya zarcewa maganar dasawa sai ya kawar da dalilan da ake iya gyarawa. Zai nemi a kawo masa duk magungunan da dattijon ke sha, domin irin su atenolol da digoxin da verapamil suna rage gudun zuciya, musamman idan an haɗa su ko ƙoda ta raunana. Zai auna sinadarin fotasiyam a jini, domin yawansa yana iya kawo irin wannan hoto. Zai kuma tabbatar ba sabuwar toshewar jijiyar zuciya ce ta jawo ba, tunda katsewar da ke biyo bayanta sau da yawa tana warwarewa cikin kwanaki. Idan duk babu, to babu ƙwaya ko allura da za ta gyara zaren da ya ƙeƙashe. Fesmeka ce magani. A gefe guda kuma, manomi ko ɗan wasa mai ƙarfin jiki wanda bugunsa ke 50 yana hutawa, ba jiri ba suma, ba ya buƙatar komai.

Yadda ake dasawa da yadda take aiki

Ba a buɗe ƙirji, kuma yawanci ba a sa mutum barci. Ana kashe zafin wurin da allura, a yi tsaga mai tsawon santimita 4 zuwa 5 a saman ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya, galibi ta hagu. Ta cikin jijiyar jinin da ke wurin ake zura siriran wayoyi masu laushi, ana kallonsu a hoton majigi har su isa zuciya. Ga dattijonmu za a sa biyu, ɗaya a ɗakin dama na sama, ɗaya a na ƙasa. Sai a haɗa su da akwatin na'urar, wanda bai kai kwalin ashana kauri ba, nauyinsa giram 20 zuwa 30, a ajiye shi a ƙarƙashin fata a ɗinke. Awa ɗaya zuwa biyu aikin ke ɗauka, kuma mutane da yawa kwana ɗaya suke yi a sallame su.

Aikin na'urar biyu ne: sauraro da bugawa. Idan an saita ta a kan 60, tana jiran bugun zuciya na daƙiƙa ɗaya. In ya zo da kansa, sai ta yi shiru ta sake jira. In bai zo ba, sai ta saki lantarki na bolt biyu ko uku wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, zuciya ta matse. Mutum ba ya jin wannan ko kaɗan. A wajen dattijon nan ma abin ya fi kyau, domin mai ba da umarninsa na asali lafiyarsa lau. Wayar sama tana jin umarnin, na'urar ta ɗan dakata, sannan ta miƙa shi ga ɗakin ƙasa ta waya ta biyu. Don haka idan ya tashi yana sauri zuwa masallaci bugunsa zai hau 90 ko 100 yadda ya kamata. Mutumin da jiya ba ya iya ƙetare tsakar gida sai ya huta, yakan ji bambanci tun ranar farko.

Wannan aiki ba sabo ba ne. A watan Oktoba na 1958 aka fara dasa wa ɗan Adam fesmeka, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Likita Åke Senning ne ya dasa, injiniya Rune Elmqvist ya ƙera, majinyacin kuma Arne Larsson, mai shekara 43, wanda ke suma sau da dama a rana. Na'urar farko awanni kaɗan ta yi ta mutu, aka sauya. Ya rayu har 2001, yana da shekara 86, bayan an sauya masa na'ura fiye da ashirin, kuma likitan da injiniyan duk sun riga shi rasuwa.

Idan zuciya ta rikice da gudu

Ɗayar matsalar ta fi gaggawa. Lantarki yana iya rikicewa a cikin ɗakunan ƙasa, su riƙa bugawa fiye da 200 a minti, ko su daina matsewa gaba ɗaya su koma makyarkyata. Zuciyar tana motsi amma jini ba ya fita. Mutum yana sumewa cikin daƙiƙu kamar goma, kuma kowane minti da ya wuce ba taimako yana zaftare damar tsirarsa. Abin da ke dawo da tsarin shi ne shokin mai ƙarfi wanda zai kashe rikicin baki ɗaya, mai ba da umarni na asali ya sake karɓar ragama. Likita Michel Mirowski da abokan aikinsa ne suka mayar da wannan abu ƙaramin da za a iya dasawa, aka fara sa wa mutum a 1980 a asibitin Johns Hopkins na Amurka.

Masu kallon ƙwallo sun ga misalinsa da idonsu a ranar 12 ga Yuni, 2021, lokacin da Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili a wasansu da Finland. An danna masa ƙirji, aka ba shi shokin nan take, daga baya aka dasa masa ICD, kuma a farkon 2022 ya koma buga wasa a Ingila. Mu a nan ba mu manta da Marc-Vivien Foé na Kamaru ba, wanda ya faɗi a fili a birnin Lyon a 2003 bai tashi ba, bincike ya nuna naman zuciyarsa ya yi kaurin da ya wuce ƙa'ida.

Mutum iri uku ake yi wa maganar ICD. Na farko wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa ta wannan hanya aka ceto shi, kuma ba a sami dalilin da za a iya kawarwa ba. Na biyu mai cutar gado da ke jawo wannan rikici, musamman idan a danginsu an yi ta samun matasa masu mutuwar fuju'a. Na uku, kuma su ne mafi yawa, masu raunanniyar zuciya. Hoton eko yana nuna kaso nawa na jinin da ke ɗakin hagu na ƙasa ke fita a kowane bugu. Lafiyayye yana fitar da kashi 55 cikin ɗari ko fiye. Idan ya tsaya a 35 ko ƙasa duk da an yi aƙalla wata uku ana shan magungunan da suka dace, haɗarin mutuwar fuju'a ya ƙaru har a fara tunanin dasawa.

Jiran nan yana da ma'ana ta musamman a arewacin Nijeriya, inda raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa fiye da akasarin sassan duniya. Maijego mai kumburin ƙafa da haki, wadda ekonta ya nuna 25, magani take buƙata da farko, domin zuciyar mata da yawa tana farfaɗowa cikin watanni. Sai an sake hoton an ga ba ta murmure ba ake kawo zancen na'ura. A kuma sani cewa ICD ba ta ƙara wa zuciya ƙarfi, ba ta rage haki ko kumburi. Tsaro take yi wa abu ɗaya tak. Akwai dai wata na'ura mai waya uku da ke sa ɓangarorin zuciya su matse a tare, wadda ke taimaka wa wasu masu rauni idan ECG ɗinsu ya nuna ɓangarorin suna saɓawa.

Idan ICD ta ga bugu ya haura iyakar da aka saita mata, tana fara tabbatarwa na 'yan daƙiƙu. Sau da yawa tana gwada sakin jerin ƙananan bugu masu sauri da ke katse rikicin ba tare da zafi ba. In hakan bai yi ba, sai ta tara wuta cikin daƙiƙu kamar goma ta saki shokin na jul 30 zuwa 40. Wanda bai suma ba yana jin sa a matsayin duka mai ƙarfi a ƙirji, na ƙiftawar ido. Wanda ke riƙe da shi a lokacin ba abin da zai same shi. Dokar da ya kamata duk gidan su sani ita ce: shokin ɗaya kuma mutum ya ware, a kira asibiti ranar. Biyu ko fiye a yini guda, ko ɗaya amma jiki bai dawo daidai ba, a tafi asibiti nan take. Wani lokaci na'urar tana yin kuskure, idan waya ta tsage ko ɗakunan sama suka yi gudun da ya ruɗe ta, kuma ana gane haka ne daga abin da ta naɗa.

Rayuwar yau da gobe

Makonni huɗu zuwa shida na farko su ne na taka-tsantsan, kafin bakin wayoyin ya kama jikin zuciya. Hannun ɓangaren da aka dasa ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba daka, ba jan guga a rijiya, ba noma, ba ɗora kaya a ka. Amma kuma ba a ɗaure shi a bar motsa shi, don kafaɗa kada ta sandare. Ciwon a kiyaye shi daga ruwa har ya haɗe. Ruku'u da sujada ba su da matsala. Bayan wannan lokaci mafi yawan mutane suna komawa sana'arsu, da tafiye-tafiyensu, da auratayyarsu. Mace mai fesmeka tana iya ɗaukar ciki ta haihu, abin dubawa shi ne ƙarfin zuciyar tata. Na'urar ba ta hana azumi, magungunan da ake sha ne ake tattaunawa da likita. Mai fesmeka yakan koma tuƙi bayan mako guda in suma ta daina. Mai ICD kan jira ya fi haka, har wata shida idan zuciyarsa ta taɓa tsayawa, kuma ba a yarda ya yi tuƙin haya ko na babbar mota ba.

Abin da ke ruɗa na'urar shi ne maganaɗisu da wuta mai ƙarfi a kusa da ita. Wayar salula ta zauna nesa da ita da santimita 15, wato kada a sa ta a aljihun gaban riga na ɓangaren, a kuma kara ta a ɗaya kunnen. Kada a duƙa a kan janareta ko injin mota yana aiki. Mai walda sai ya yi magana da likitansa kafin ya koma aiki. Ƙofar bincike ta banki ko filin jirgi a wuce ta da tafiya ba tsayawa, sandar binciken da ake shafawa a ƙofar masallaci ko wurin taro kuma a gaya wa mai ita kada ya tsayar da ita a kan ƙirji. Talabijin, firji, rediyo da dutsen guga ba su da illa. Duk likitan da zai yi wa mutum tiyata ko hoton MRI, a gaya masa tun farko.

Alamun matsala a bayyane suke. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da ruwa, ko fatar ta yi sirara har ana hango ƙarfe, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya, to ƙwayar cuta ce har sai an tabbatar ba ita ba. Kada a matse, kada a tsaga, kada a yi ƙaho a wurin, kada kuma a tsaya kan maganin kemis. Ƙwayar cutar da ta kama na'ura tana bin waya har cikin zuciya, kuma galibi sai an cire komai. Dawowar jiri ko suma, bugun da ya sauka ƙasa da lambar da aka saita, ko shaƙuwa da motsin ciki masu tafiya daidai da bugun zuciya, suna iya nuna waya ta goce. Haki da ciwon ƙirji a kwanakin farko kuma suna iya zama iska ce ta taru a gefen huhu.

Batiri, kati da bibiya

Batirin fesmeka yana yin kamar shekara 7 zuwa 12, na ICD yakan gaza haka. Ba a cajinsa, kuma ba ya mutuwa kwatsam: yana nuna alamar ƙarewa watanni kafin lokaci, amma na'urar dubawa ta asibiti ce ke karanta alamar. Shi ya sa ake duba fesmeka duk wata 6 zuwa 12, ICD kuma duk wata 3 zuwa 6. Idan lokaci ya yi, akwatin ake sauyawa a bar wayoyin in suna da lafiya. Ga wanda zuciyarsa ta dogara kacokan a kan na'urar, kamar dattijon misalinmu, tsallake wannan dubawa wasa da rai ne.

A nan ne masu zuwa Indiya ko Masar ko Saudiyya a dasa musu suke shiga tsaka mai wuya. Kowane kamfani yana da nasa injin dubawa, na wani ba ya saita na wani. Mutum yana iya dawowa gida da na'ura mai kyau ya tarar babu mai injinta a kusa da shi. Saboda haka kafin a dasa, a gida ko a waje, tambaya ta farko ita ce: wa zai riƙa duba min ita, a wane gari? Sannan katin da ake bayarwa, mai sunan kamfani da lambar na'ura da ranar dasawa, ya zauna a jikin mutum kullum, iyalansa kuma su san inda kwafinsa yake.

A ƙasashen yammacin Turai ana dasa wa ɗaruruwan mutane fesmeka cikin kowane miliyan a shekara. A ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara adadin bai kai goma ba. Wannan tazara ba ta nufin zukatanmu sun fi nasu lafiya. Tsada ce, da ƙarancin ƙwararru, da masu buƙatar da ba a taɓa gano su ba. Akwai shirin jami'ar Michigan ta Amurka mai tattara na'urorin da batirinsu bai ƙare ba, a tsabtace su a gwada, a ba waɗanda ba su da halin saye, kuma wannan hanya ta cancanci hukumomin lafiyarmu su dube ta da idon basira. Hakkin da ke kansu bai tsaya nan ba: inshorar lafiya ta ɗauki nauyin fesmeka, kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya sami ECG da mai iya karanta shi, duk cibiyar da ke dasawa kuma ta riƙe rajistar majinyatanta tana kiransu idan lokacin dubawa ya yi. Mu kuma namu bai fi ƙarfinmu ba. Babba ya faɗi ba gargaɗi, a ƙirga bugun hannunsa na minti ɗaya, in ya gaza 40 a kai shi asibiti a ranar, ko ma bai gaza ba a nemi ECG kafin a yanke hukuncin abin da ya kayar da shi.